Jan Rubutun da ke Jikin Janareta: Yadda Gargaɗi ke Rasa Kaifinsa a Wurin Fassara

Duk wanda ya sayi sabon janareta a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko a wata kasuwa, idan ya fasa kwalin zai tarar da abu biyu da ba kasafai ake waiwayarsu ba. Akwai ɗan littafin bayani a cikin leda, akwai kuma wasu takardu masu launi manne a jikin tankin mai da gefen injin. Wata ja ce, wata ruwan lemo, wata rawaya. A saman kowace an rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe: DANGER, ko WARNING, ko CAUTION. Mai sayen da ya iya Turanci yakan ɗauka duk magana ɗaya suke yi, wato a yi hankali. Wanda bai iya ba kuwa ado yake ɗaukarsu.

Ba magana ɗaya suke yi ba. Matakai ne hawa-hawa, kuma injiniyoyi ne suka zauna suka ajiye kowane haɗari a matakin da ya dace da shi. Mai fassarar da bai san da wannan ba zai iya kawo kowace kalma daidai da ƙamus, amma ya kai wa Bahaushe saƙon da bai kai rabin nauyin na asali ba.

Tsarin ya fito ne daga wata ƙa'ida ta Amurka mai suna ANSI Z535, wadda aka fara fitarwa a 1991, kuma ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 3864 tana bin irin waɗannan matakai a alamomin da ake mannawa jikin kaya. DANGER, a kan jan launi, na nufin yanayin da in ba a kauce masa ba zai kai ga mutuwa ko mummunan rauni. WARNING, a kan ruwan lemo, shi ne yanayin da yana iya kaiwa ga mutuwa ko mummunan rauni. Bala'in ɗaya ne a matakan biyu, bambancin kawai shi ne na farko tabbas ne, na biyu yiwuwa ce. CAUTION, a kan rawaya, ya sauko ƙasa sosai: rauni ƙarami ko matsakaici, kamar ƙuna a tafin hannu ko yanka a yatsa. Akwai na huɗu, NOTICE, a kan shuɗi, wanda bai shafi jikin mutum ba sam, na lalacewar injin ne ko wata dukiya. Shi ya sa ukun farko suke ɗauke da alamar nan mai kusurwa uku da alamar motsin rai a tsakiya, na huɗun kuwa ba shi da ita. A Jamhuriyar Nijar, inda littattafan suka fi zuwa da Faransanci, matakan su ne DANGER, AVERTISSEMENT, ATTENTION da AVIS, kuma ma'anarsu ba ta canza ba.

Irin wannan hawa-hawa ba baƙo ba ne gare mu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san haramun daban, makaruhi daban, kuma almajirin da ya kira haramun makaruhi bai yi ƙaramin kuskure ba, ko da ya ce ai duka biyun abin bari ne. Haka mai fassarar da ya mayar da DANGER ya zama “a kula”.

Kalmomi muna da su, jeri ne babu

Hausa ba ta rasa kalmomin tsoratarwa ba. Muna da haɗari ko hatsari, da gargaɗi, da kashedi, da hattara, da jan kunne, da a kula, da a lura. Matsalar ita ce ba a taɓa zama an jera su an ce wannan ya fi wannan nauyi ba. A bakin mutane suna shiga gonar juna. Ƙamus zai iya ba ka “hattara” a matsayin fassarar CAUTION, amma ka saurari yadda kalmar take faɗuwa a kunne. “Hattara!” ihu ne, abin da ake faɗa wa wanda ƙafarsa ke bakin rami. “Gargaɗi” kuwa ya fi natsuwa. Ke nan in aka sa hattara a mataki na uku, gargaɗi a na biyu, mai karatu zai iya jin na ukun ya fi na biyun tsanani, an kifa tsanin ke nan. “Kashedi” kuma yana ɗauke da ƙanshin barazanar mai iko, kamar kamfanin ne zai hukunta ka, alhali injin ne zai yi maka illa.

Akwai wani tarko a kalmar farko. In aka rubuta “haɗari” aka kai wa mai buga takarda, sau da yawa rubutun da ke cikin kwamfutarsa ba shi da ɗ mai lanƙwasa, sai ta fito “hadari”, wato gajimaren ruwan sama. A jikin janareta wannan ba ƙaramin ruɗani ba ne, domin littafin yana da wani gargaɗin na daban da ke hana amfani da injin cikin ruwan sama. Mutum zai iya ganin HADARI da jan launi ya ɗauka maganar damina ake yi. Saboda haka ni a ganina “hatsari” ya fi dacewa da jikin inji, tun da ba ya buƙatar wani harafi na musamman.

Jerin da zan ba da shawara shi ne HATSARI, GARGAƊI, A KULA, SANARWA. Wani masanin zai iya kawo wanda ya fi wannan, kuma ba zan yi jayayya mai tsawo a kai ba. Abin da ba zan sassauta a kansa ba shi ne a tsaya a kan jeri ɗaya daga bangon farko zuwa na ƙarshe. A makaranta an koya mana cewa maimaita kalma rauni ne a rubutu, a riƙa sauyawa don daɗin karatu. A nan wannan koyarwar illa ce. In WARNING ya fito sau talatin a littafi, GARGAƊI zai fito sau talatin, ba tare da an taɓa musanya shi da kashedi ko jan kunne ba. Launi da alamar kusurwa uku su ma a bar su yadda suke, domin wanda bai iya karatun boko ba da su yake gane inda abin ya yi tsanani.

Sai dai kalmar saman nan ƙofa ce kawai. Ainihin ƙarfin gargaɗi yana cikin layukan da ke ƙarƙashinta, kuma a can ne fassara ta fi yin ɓarna.

Takarda ɗaya, layi-layi

Mu ɗauki takarda mafi muhimmanci a jikin janareta. Tun 2007 hukumar kula da amincin kayan masarufi ta Amurka ta wajabta manna wata jar takarda a kan duk janaretan tafi-da-gidanka da za a sayar a can, kuma kamfanoni da yawa suna manna irinta a kan waɗanda suke kawowa ƙasashenmu. Abu huɗu take faɗa: kunna janareta a cikin gini na iya kashe mutum cikin mintuna, abin da injin ke fitarwa yana ɗauke da kabon monoksaid, guba ce da ba a gani kuma ba a jin warinta, kada a taɓa kunna shi a cikin gida ko gareji ko da ƙofofi da tagogi a buɗe suke, a waje kaɗai za a yi amfani da shi, nesa da taga da ƙofa da kafofin iska.

Kafin mutum ya taɓa wannan takarda da alƙalami, dole ya san abin da take magana a kai. Kabon monoksaid, wanda masana kimiyya ke rubutawa CO, yana fitowa ne duk lokacin da fetur ko gawayi ya ƙone bai ƙone sarai ba. In mutum ya shaƙe shi, yana kama sinadarin jinin da ke ɗaukar iskar numfashi zuwa sassan jiki, kuma kamunsa ya fi na iskar numfashin ƙarfi fiye da sau 200. Sai jini ya riƙa zagayawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, kasala, tashin zuciya da amai, waɗanda kowa a nan zai ce zazzaɓin cizon sauro ne ya nemi wuri ya kwanta. Kwanciyar ita ce ajali. Wanda ke barci kuwa ba ya jin komai. Da safe a fasa ƙofa a tarar da mutanen ɗaki gaba ɗaya, a shiga zargin abincin dare ko sammu, janareta kuma yana gefe man cikinsa ya ƙare.

To a ce an ba wani mai fassara wannan takarda, mutum mai Hausa mai kyau da ladabi, ya rubuta haka:

“Gargaɗi: Amfani da janareta a cikin gida na iya haifar da rasa rai. Hayaƙinsa na ɗauke da sinadari mai cutarwa. Ya kamata a guji amfani da shi a gida ko gareji, a riƙa ajiye shi a waje.”

Babu kuskuren nahawu a ciki, kuma za ta yi daɗin ji a rediyo. Amma a kusan kowane layi an zare wani abu. Tun daga kalmar farko an sauko da takardar daga mataki na ɗaya zuwa na biyu. Daga nan sai “na iya haifar da rasa rai”. Mu mutane ne masu sakaya zancen mutuwa. Muna cewa ya rasu, ya riga mu gidan gaskiya, rai ya yi halinsa, kuma wannan tarbiyya ce mai kyau a wurin ta'aziyya. A jikin inji kuwa sakayawar cuta ce, domin wanda ake yi wa maganar yana da rai tukuna, kuma so ake ya ci gaba da rayuwa. Sannan an jefar da “cikin mintuna” gaba ɗaya, alhali shi ne abin da zai hana mutum ya ce bari in kunna na ɗan lokaci kaɗan in yi cajin waya.

Yaya za a faɗe shi? “Zai iya kashe ka” ya yi kusa da asalin, amma yana da rauni biyu. “Zai iya” a Hausa yana barin ƙofa a buɗe, mai ji ya ce a ransa zai iya kuma ƙin kashewa. “Kashe” kuma ita ce kalmar da muke amfani da ita wajen tsayar da injin, har za ka ga a shafi ɗaya an ce ka kashe janareta an kuma ce janareta zai kashe ka. Na fi son “yana kisa”. Wannan siga tana faɗin halin abu ne, yadda muke cewa wuta tana ƙuna. Ba ta yi ƙarya ta ce duk wanda ya kunna sai ya mutu ba, ba ta kuma bar wa mai karatu wurin laɓewa ba.

Layi na biyu ya fi ko'ina haɗari. “Hayaƙi” a wurin Bahaushe abu ne da ake gani, mai sa hawaye da tari. In ka ce hayaƙin janareta ne ke cutarwa, mai sabon inji wanda ba ya fitar da baƙin hayaƙi zai duba salansa ya ga ba komai, ya ce nasa lafiyayye ne, na maƙwabcinsa mai tsoho ake nufi. Alhali injin da ke aiki sumul yana fitar da gubar da za ta cika ɗaki. Jimlar “ba a ganinta, ba a jin warinta” ita ce zuciyar takardar, kuma ita ce mai fassararmu ya taƙaita zuwa “mai cutarwa”. Kalmar da ake buƙata ita ce guba. Kowa ya san guba, kuma ba mai yin ciniki da ita. Sunan sinadarin ma a bar shi, ba don mai saye zai haddace ba, sai don in an kai mutum asibiti a sami abin da za a nuna wa likita.

Sai “ya kamata a guji”. Wannan shawara ce, irin wadda ake ba mutum ya ɗauka ko ya bari. Asalin takardar hani ne yankakke, kuma Hausa tana da kalmar hani yankakke: kada. Haka ta fuskar umarni, inda asali ya wajabta abu sai a ce dole ko tilas, ba “yana da kyau” ba. Wa ake yi wa hanin kuma? “Kada ka” ya bar mata a waje, alhali a gidaje da yawa matar gida ce ke tayar da injin in an ɗauke wuta maigida ba ya nan. “Kada a” ya haɗa kowa, amma ya yi kama da sanarwar jikin bango da ido ya saba wucewa. “Kada ku” ya haɗa kowa, yana da girmamawa, kuma yana kallon mai karatu ido da ido.

Yanzu ga wurin da ƙamus ba zai taimaki kowa ba, wato “gida” da “waje”. Wanda ya rubuta takardar yana tunanin gida ginanne ɗaya ne mai rufi, da gareji a gefe, da fili a bayansa. Gidan Bahaushe kuwa ya haɗa zaure da soro da ɗakuna da tsakar gida wadda ba ta da rufi. In ka ce masa kada ya kunna a gida, ya kai waje, abin da zai ji shi ne ya fitar da janareta ƙofar gida ya bar wa ɓarayi. Ba zai yi ba, kuma da zarar ya ga umarnin ba mai yiwuwa ba ne sai ya watsar da takardar duka. Wani kuma zai ce zaure ai ba cikin gida ba ne, ya ajiye a can, inda samari ke kwana. Mai shago zai ce shi ba gida yake ba, ya ja ƙofar shagon ya kwanta da injin a ciki. Abin da takardar take nufi shi ne duk wuri mai rufi da bango, don haka sai a kira wuraren da sunayensu. Ga yadda za ta iya kasancewa:

HATSARI
Kunna janareta a cikin ɗaki YANA KISA CIKIN 'YAN MINTUNA.
Salansarsa tana fitar da guba mai suna kabon monoksaid. Ba a ganinta, ba a jin warinta.
KADA KU kunna shi a ɗaki, ko zaure, ko shago, ko gareji, KO DA ƙofa da taga a buɗe suke.
A FILI KAWAI za ku kunna shi, nesa da ƙofa da taga da duk wata kafar iska.

A lura, zaure da shago ba sa cikin takardar asali. Ƙari ne, kuma mai fassara ba shi da ikon ƙara abu a gargaɗi shi kaɗai. Sai ya rubuta wa kamfanin ko dillalin da ya ba shi aikin, ya bayyana dalili, a amince masa. Haka batun “nesa”. Hukumomin lafiya na Amurka suna cewa a ba da tazarar aƙalla ƙafa 20, kusan mita 6, kuma a juya salansa ta kalli nesa da gini. In littafin ya kawo adadi, a mayar da shi awon da mutane suka sani ba tare da an rage ko taƙi ba. In bai kawo ba, a nemi kamfanin ya ba da. Wannan adadi yana da amfani a gare mu musamman, domin ƙaramar tsakar gida mai tagogin ɗakuna kewaye da ita, ko da ba ta da rufi, ba ta cika sharaɗin ba.

Sauran matakan

Gargaɗin zuba mai yakan zo a mataki na biyu: a kashe injin, a bar shi ya huce, sannan a buɗe tanki, domin tururin fetur yana kamawa in ya haɗu da salansa mai zafi ko tartsatsi. A nan kalmomi biyu ne ke yaudara. “Mai” yana nufin fetur, yana kuma nufin baƙin mai, kuma littafin yana magana a kan duka biyun. “Wuta” tana nufin gobara, tana kuma nufin lantarki. Jimla irin “a kula da wuta lokacin zuba mai” tana da fassara huɗu. Sai a ce fetur in fetur ake nufi, a ce gobara in gobara ce, a ce lantarki zai ja mutum in shi ne. Sanarwar cewa sabon inji yakan zo ba baƙin mai a cikinsa, a zuba kafin a tayar, ta shuɗin mataki ce. Asarar kuɗi ce babba in injin ya ƙone, amma ba ta rai ba ce.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren da mai kyakkyawar niyya ke yi, wato ya ɗaga komai sama. Yana ganin tun da tsoratarwa ake so, bari ya sa HATSARI a kan salansa mai zafi da baƙin mai da komai. Sakamakon shi ne mutum ya taɓa salansa, ya ɗan ƙone, ya warke cikin kwana biyu, ya gane cewa HATSARI a wannan littafin ba wani abu ba ne. Ranar da ya zo kan hatsarin gaske, kalmar ta riga ta zube a idonsa. Ƙa'idar da kanta ta ce a taƙaita matakin farko ga yanayi mafi muni kawai. Ɗaga mataki da sauke shi duka cin amanar takardar ne.

Ta yaya za a san fassara ta yi? Ba a ofis ake sani ba. Ƙa'idar ANSI ta tanadi gwaji ga hotunan gargaɗi: a nuna wa mutum aƙalla 50 daga cikin masu amfani da kayan, sai kashi 85 cikin ɗari sun gane, kuma waɗanda suka fahimci akasin abin da ake nufi kada su wuce kashi 5 cikin ɗari. Ana iya aron wannan dabara ga rubutu. A je wurin mai aski, da mai cajin waya, da mai injin markaɗe, da matan gida. A ba su takardar, ko a karanta wa wanda bai iya ba. Kada a tambaye su ko sun gane, domin kara za ta sa kowa ya ce e. A tambaya: a ina za ki ajiye injin nan yau da dare? Me zai faru in an bar shi a zaure an buɗe ƙofa? Tsawon wane lokaci zai ɗauka? Sannan a ba su takardu uku a ce su jera daga mafi tsanani zuwa mafi sauƙi. In mutum ya ce zaure ba laifi tun da akwai iska, ko ya sa rawaya a gaban ja, fassarar ce ba ta yi ba, sai a koma a gyara.

Dokar kare haƙƙin masu sayen kaya ta Najeriya ta 2018 ta ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙi da zai fahimta. Miliyoyin masu sayen janareta da injin ban ruwa da injin niƙa a Arewa da Nijar Hausa ce harshen da suke fahimta. Ina kira ga hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya da masana Hausa na jami'o'inmu, irin na Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, su zauna su tsayar da kalmomi huɗu na waɗannan matakai, a gwada su a kasuwa da cikin gidaje, sannan a nemi masu shigo da injuna su manna su kusa da na Turanci, da boko da ajami in wuri ya isa. Kafin a kai ga haka, mai karatu, in akwai janareta a gidanku, duba jar takardar da ke jikinsa yau, ka fassara wa iyalinka ita yadda take ba tare da sassautawa ba, kuma ka fitar da injin daga zaure.